Sanarwar buɗe sabon reshe: abin da za a rubuta a ƙarƙashin hoto

Mai shagon atamfa a Kantin Kwari ya kama sabon wuri a titin Gidan Zoo da ke Kano. Ya ɗora hoto mai kyau, ya rubuta: "Alhamdulillah, gobe za mu buɗe sabon reshe, akwai ragi, sai kun zo." Jama'a za su yi ta sa albarka, amma kaɗan ne za su iya zuwa, domin bai faɗi wuri ba, bai faɗi rana ba.

"Gobe" ita ce matsala ta farko. Abin da aka ɗora a sitatus na WhatsApp awa 24 yake yi ya ɓace, amma wanda aka tura wa dangi da abokai yana iya yin mako yana yawo. Wadda ta karanta ran Lahadi sai ta zo ran Litinin, an riga an tashi. A rubuta sunan rana da kwanan wata da lokaci. Idan Juma'a aka zaɓa, a ce bayan an sauko daga masallaci.

Sai adireshi. Lambar shago ita kaɗai ba ta kai mutum ko'ina, domin da kwatance muke tafiya. Titin Gidan Zoo dogo ne, don haka a faɗi abin da mai adaidaita sahu ya sani, da hannun da shagon yake, da ko a ƙasa yake ko a bene. A sa wannan a farko, saboda Instagram kan yanke dogon rubutu bayan layukan farko.

Ragi kuwa shi ke buƙatar lissafi. A ce ka sayo turmi naira 18,000, kana sayarwa 20,000. Ragin kashi 10 cikin 100 naira 2,000 ne, wato ribar gaba ɗaya, ga haya da ladan yaran shago suna jira. Ragin naira 1,000 ya bar maka rabi. A ganina gara a faɗe shi da naira, ya fi shiga kunne. A kuma yi masa iyaka, in ba haka ba 'yan sari za su kwashe kayan tun da hantsi, wani kuma ya zo bayan wata guda yana neman ragin.

Ga yadda za ta fito:

"Sabon reshenmu: titin Gidan Zoo, hannun da ke kallon ƙofar gidan, shago na 6, ƙasan bene. Za mu buɗe ran Asabar, 14 ga wannan wata na Maris, ƙarfe 10 na safe. Ragin naira 1,000 a kowane turmi, ranar Asabar da Lahadi kawai, turmi uku ga mutum ɗaya. Shagonmu na Kwari yana nan yadda yake."

Kada a manta da jimlar ƙarshen nan. In babu ita, tsofaffin abokan ciniki za su ɗauka tashi kuka yi daga Kwari.