Umarnin da Ya Fitar da Hoton Talla: Yadda Ake Rubuta Shi, a Raɗa Masa Suna, a Adana Shi

Tun da manhajojin ƙirƙirar hoto irin su Midjourney da Stable Diffusion suka bayyana a 2022, sai Adobe Firefly ta biyo baya a 2023, kamfanoni da dama sun rage kiran mai ɗaukar hoto. Ma'aikaci ya zauna ya rubuta wa manhaja abin da yake son gani, ita kuma ta zana masa. Wannan rubutun shi ake kira umarni. Inda gizo ke saƙar shi ne, idan mutum biyar a ofis ɗaya kowa yana rubuta nasa yadda ya ga dama, hotunan kamfanin sai su fito kamar ba gida ɗaya suka tashi ba. Shi ya sa ake yi wa ma'aikata ɗan littafin jagora, shafi biyu ko uku, kan yadda za a rubuta umarni, a sa masa suna, a ajiye wanda aka amince da shi.

Mu ɗauka wani kamfani ne a Kano mai zuba zoɓo a kwalba, yana son hoton tallan Sallah. Jagorar za ta fara da tsarin rubutu guda ɗaya da kowa zai bi: a faɗi wanda ke cikin hoton da abin da yake yi, sannan wurin, sannan haske, sannan launi da salo, a ƙarshe kuma ƙa'idojin manhaja. Galibi da Turanci ake rubutawa, domin yawancin rubutun da aka horar da manhajojin da shi na Turanci ne. Ga yadda zai iya kasancewa a Midjourney:

```
Hausa family of four sharing a meal on a mat, father in white babban riga and embroidered cap, courtyard in Kano, soft morning light, deep hibiscus red accents, empty space on the right, editorial photograph --ar 4:5 --no text, logo, bottle --seed 2417 --v 6.1
```

Kowane yanki a nan yana da dalilinsa. An faɗi adadin mutane, domin idan aka ce "iyali" kawai, yau a samu uku gobe bakwai. An kwatanta riga da hula filla-filla, saboda manhajojin nan suna yawan cakuɗa suturar Afirka, su ɗora wa Bahaushe yadin da aka fi sani da Gana ko hular da ba a taɓa ganinta a kasuwar Kurmi ba. Baƙo ba zai lura ba, amma mai sayen zoɓon kallo ɗaya zai yi ya gane. Don haka a ganina, wajibi ne cikin masu amincewa da hoto a sami wanda ya san al'adar mutanen da ake tallata musu.

Sai kuma batun kwalbar kanta. An hana manhaja zana ta, an ce ta bar fili a dama. Dalili kuwa, manhaja kwaikwayo take yi, tana iya karkatar da tambari ko ta canza harafi a sunan kamfani. Mai tsara talla ne zai ɗora hoton kwalbar gaskiya daga baya, kuma shi zai daidaita jan launin da ainihin lambar launin kamfanin, tunda manhaja ba ta cika bin irin wannan lambar sau da ƙafa ba. A lura kuma cewa da `--no` aka yi hanin. Idan aka rubuta "ban da kwalba" a cikin jimla, sau da yawa manhajar kalmar kwalba kawai take kamawa, ta zana abin da aka hana ta.

Abin da ma'aikata suka fi mantawa shi ne kalmomi kaɗai ba sa dawo da hoto. Manhajar tana fara kowane zane ne daga wani dishi-dishi na ɗige-ɗige, kuma lambar da ke bayan `--seed` ita ke zaɓar wannan mafarin. A canza lambar, fuskoki su canza. Haka nan `--v` yana nuna samfurin manhajar. Midjourney ta fitar da samfuri na 7 a 2025, kuma umarnin da aka gwada a na 6.1 ba zai ba da hoto iri ɗaya a sabon ba, ko da lambar mafarin ba ta canza ba. Wanda ya adana jimla ya bar waɗannan lambobin ya adana rabin aiki ne. Ko an haɗa su duka ma, kusa ake samu, ba tabbas ba, shi ya sa ake ajiye hoton da aka amince da shi tare da umarninsa.

Suna kuma aikinsa shi ne a nemo abu ba tare da an buɗe shi ba. Kamfanin namu zai iya tsayar da tsari ɗaya: kaya, lokacin talla, abin da ke ciki, girman hoto, lambar gyara.

```
zobo_sallah_iyali_4x5_v03
```

Ƙananan haruffa ne duka, babu tazara, kuma an rubuta `zobo` ba tare da harafi mai ƙugiya ba. Masu kishin Hausa kada ran su ya ɓaci. Haruffan ɓ da ɗ da ƙ kan rikiɗe a wasu tsofaffin manhajoji, sannan abokin aikin da wayarsa ba ta da su ba zai iya laluben sunan ba. A cikin bayani sai a rubuta Hausa yadda ya kamata. Sifirin da ke cikin `v03` shi ma ba ado ba ne: inda ake jera sunaye harafi bayan harafi, `v10` kan sha gaban `v2`. Jagorar ta kuma haramta sunaye irin "na ƙarshe" da "na ƙarshen ƙarshe", waɗanda duk wanda ya yi aikin ofis ya san ba su taɓa zama na ƙarshe.

Wajen ajiya, ba sai an sayi wata manhaja mai tsada ba. Jadawali ɗaya a Google Sheets ko Excel ya isa, kowane umarni da layinsa: suna, cikakken umarnin, manhaja da samfurinta, inda hoton yake, wanda ya rubuta, wanda ya amince, da kwanan wata a tsarin shekara, wata, rana, kamar 2025-03-10, don ya jeru daidai. Sai gurbin matsayi mai kalma uku kacal: daftari, amintacce, ko ajiyayye. Umarnin da ke cikin hirar WhatsApp ta wani ma'aikaci ba ya cikin taskar kamfani, ranar da ya bar aiki da shi zai tafi.

Doka mafi tsauri a jagorar ita ce ba a taɓa amintaccen umarni. Idan shugabar sashen talla ta ce a mayar da hasken safiya na yamma, ba a goge kalmar a `v03`. Ana kwafe shi ne, a gyara, a kira shi `v04`, ya zauna a matsayin daftari har a duba hotunansa: yatsun hannu, hula, fuskoki, da duk wani rubutu da ya kutso. Idan ya wuce, sai `v03` ya koma ajiyayye, ba a share shi. Ta haka, in hoton allon talla na bara ya jawo tambaya, ana iya nuna ainihin kalmomin da suka haife shi.

Wannan tarihin yana da amfani ta fuskar doka. A Janairun 2025, ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya bayyana cewa rubuta umarni kaɗai bai isa ya sa mutum ya mallaki hoton da manhaja ta fitar ba, amma gyara da tsarin da ɗan Adam ya yi da hannunsa ana iya kare su. Wannan dokar Amurka ce, kowace ƙasa da tata, sai dai ta isa dalilin ƙara gurbi ɗaya a jadawalin, inda mai tsara talla zai rubuta abin da ya sauya bayan hoton ya fito. Kuma tun a shafin farko ake jan kunnen ma'aikata kada su sa sunan wani sanannen mutum ko mai zane a umarni, kada kuma su rubuta sirrin kayan da ba su fito kasuwa ba, domin a Midjourney hotuna da umarninsu a bainar jama'a suke, sai ga mai babban rajistar da ke ba da damar ɓoye su.