Yadda Ake Fassara Ƙa'idar Tsafta da Zafafa Madara ga Ma'aikatan Masana'anta

A masana'antar da ke sarrafa madara, kowane aiki yana da rubutacciyar ƙa'ida da ke faɗin abin da za a yi, da wanda zai yi shi, da lokacin yinsa. Yawanci da Turanci ko Faransanci ake rubuta ta, alhali masu tsayuwa a gaban tanki da bututu sun fi jin harshen gida. Aikin mai fassara shi ne ya mayar da ita yadda ma'aikaci zai karanta, ya aikata daidai, ba tare da ya yi kintace ba.

Jigon ƙa'idar shi ne zafafa madara bisa hanyar da ta samo sunanta daga masanin kimiyyar Faransa, Louis Pasteur. Ana kai madara wani zafi, a riƙe ta a kansa na ƙayyadadden lokaci don kashe ƙwayoyin cuta irin na tarin fukan shanu, sannan a sanyaya ta da sauri zuwa wajen digiri 4. A tukunya, ana riƙe ta a digiri 63 na ma'aunin Salshiyos har minti 30. A na'urar da madara ke gudana ta bututu kuwa, digiri 72 ne na daƙiƙa 15. Idan mai fassara ya rubuta "a tafasa", ma'aikaci zai jira ya ga kumfa, madara ta yi ƙauri. Idan ya rubuta "a ɗumama", ma'aikaci zai tsaya da zarar tukunya ta yi ɗumi. Don haka ba a barin aikatau shi kaɗai; zafi da lokaci suna tafiya da shi a jumla guda. Ana kuma duba ma'aunin da takardar asali ta bi, domin littafin injin da ya zo daga Amurka yana iya cewa 161, wanda a ma'aunin Faranhait yake daidai da wajen 72.

Wurin da fassara ta fi zamewa shi ne lokacin fara ƙirga. Jumlar "a zafafa madara zuwa digiri 63 na minti 30" tana iya sa ma'aikaci ya duba agogo tun da ya kunna wuta. A ce ya kunna da ƙarfe 8:40, madara ba ta kai digiri 63 ba sai 9:10. Da wannan fahimtar zai kashe wuta da ƙarfe 9:10, madarar ba ta samu ko minti ɗaya na zafin da ake bukata ba, kuma ido ba zai gane ba. Fassara mai kyau tana rarraba matakin: "Jira har ma'auni ya nuna 63. Rubuta lokacin a takarda. Daga nan ka ƙirga minti 30. Idan zafin ya sauka ƙasa da 63, sake ƙirgawa daga farko bayan ya koma." Da wannan, aikin zai kammala da ƙarfe 9:40.

Sunayen da ke jikin inji ba a fassara su. Na'urar bututu tana da bawul da ke mayar da madara baya idan zafinta bai kai ba. Idan allonta yana nuna DIVERT, haka za a rubuta shi, sai a bi da bayani: madara tana komawa tanki, kada a tilasta mata wucewa. Ma'aikacin da ke neman maɓalli cikin gaggawa rubutun da ke gabansa zai nema.

Sashen tsafta shi ma yana da nasa tarko. Wankewa daban, kashe ƙwayoyin cuta daban, kuma kalmar "tsaftacewa" tana iya haɗiye su duka biyun. Wankewa ce ke cire maiƙo da ɓawon madarar da ya manne, ta hanyar ɗauraya da ruwa, da zagaya ruwan soda mai zafi, da sake ɗauraya. Sai bayan haka sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ke aiki, domin datti yana kare ƙwayoyin daga gare shi. Kowane mataki yana samun lambarsa da kalmarsa, kuma ba a sauya kalmar daga shafi zuwa shafi. Haka nan abin da yake wajibi, kamar wanke hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20 bayan fitowa daga banɗaki, ana rubuta shi da "dole ne", domin "ya kamata" shawara ce a kunnen mai ji.

Ba a kan tebur ake tabbatar da fassarar ba. Mai kula da ingancin kaya yana gwada lambobinta da na asali ɗaya bayan ɗaya, sannan a ba ma'aikacin da bai taɓa ganinta ba, ya bi ta a gaban inji, da ruwa a maimakon madara. Duk inda ya tsaya yana tambaya, ko ya tsallake mataki, ana gyara jumlar. Takardar da aka amince da ita tana ɗauke da kwanan wata da lambar bugun asalin da aka fassara, domin a sabunta ta duk lokacin da aka sauya na asali, a kuma cire tsohuwar daga bango.