Sharhin Littafi: Jigo Daban, Labari Daban

Idan malami ya ce a rubuto sharhin littafi, ɗalibai da yawa labarin suke maimaitawa har takarda ta cika, maki kuwa kaɗan. Sakin layi biyar sun wadatar. Mu gwada da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya yi fice a gasar rubutu ta 1933.

Na farko gabatarwa ce: sunan littafi, marubuci, da taƙaitaccen labari a jimla uku. Na biyu jigo, kuma nan aka fi tuntuɓe. Wanda ya rubuta cewa Alhaji Imam ya tafi neman ruwan Bagaja, labari ya ba mu. Jigo shi ne abin da tafiyar ke nunawa, misali jure wahala don kare mutuncin iyaye, sannan a kawo aukuwa ɗaya ta zama hujja.

Wajen taurari, kada a jera sunaye. A ɗauki Alhaji Imam da Malam Zurƙe, a nuna halin kowa ta aikinsa, kamar yadda suke ta rama wa juna ƙeta. Sai wuri da zamani: garuruwan da tauraro ya ratsa har duniyar aljannu, da yadda kowane sabon gari ke jawo sabuwar rigima.

Ra'ayi shi ne ƙarshe. “Ya burge ni” bai isa ba, sai da dalili. Ɗalibi na iya cewa barkwancin ya yi armashi, amma yawan ramuwar yana sa a manta da ruwan da aka fita nema.