Tabarau da Siffar Fuska: Yadda Ake Zaɓen Firam ɗin da Ya Dace

Yawancinmu idan muka shiga shagon tabarau, abin da ke faruwa ɗaya ne. Mai shago ya miƙo wannan, ka saka, ka duba madubi, ka cire. Ya miƙo wancan. Bayan an gwada goma sai ido ya gaji, a ƙarshe a ɗauki wanda aka gani a fuskar wani ya yi masa kyau. Sai an koma gida sannan a ga kamar an aro shi ne. Laifin ba na tabarau ba ne, ba kuma na fuskar ba. Ba a dai yi la'akari da yadda layukan firam ke zama da layukan fuska ba.

Ƙa'idar da masu sana'ar ke bi gajeriya ce: firam ya kawo wa fuska abin da ba ta da shi. Zagayayyar fuska ba ta da kusurwa, sai a ba ta firam mai kusurwa. Fuska mai faɗin muƙamuƙi tana da kusurwa har ta yi yawa, sai a ba ta mai lanƙwasa. Doguwar fuska tana buƙatar abin da zai katse tsawon nata. Duk telan da ya san aikinsa ya san wannan: yadi mai ratsi a tsaye yana ƙara wa mutum tsawo a ido, mai ratsi a kwance yana ƙara masa faɗi. Wannan ba dokar likita ba ce, dabarar jan ido ce kawai, amma tana aiki.

Kafin komai, sai mutum ya san irin fuskarsa, kuma a nan ne ake yawan kuskure. Hoton da mutum ya ɗauki kansa da waya a hannu ba abin dogaro ba ne, domin kusancin kyamara yana ƙara girman hanci, yana kuma matse gefen fuska. Ka sa wani ya tsaya kamar taku uku daga gare ka, wayar daidai da idonka, kana kallon gaba ba tare da murmushi ba. A jikin hoton ka auna abu biyu: tsawo daga inda gashi ya fara a goshi zuwa ƙarshen haɓa, da faɗi daga ƙashin kunci zuwa ɗan'uwansa. Idan biyun sun kusa zuwa ɗaya, sai ka dubi muƙamuƙi. In ya lanƙwasa a hankali ya sauko haɓa, fuskar zagayayya ce. In ya sauko a miƙe sannan ya karya kwana a ƙasan kunne, faɗinsa kusan ɗaya da na goshi, fuskar mai kusurwa huɗu ce. Idan kuwa tsawon ya kai kamar ninki ɗaya da rabi na faɗin, doguwa ce. Mutane da yawa suna faɗawa tsakanin biyu, kuma wannan ba matsala ba ce. Sai a bi wadda ta fi rinjaye.

Akwai abin da ya kamata mu ƙara a nan wanda ya shafe mu kai tsaye. Fuskar da jama'a ke gani ita ce wadda ke ƙarƙashin hula ko cikin hijabi. Doguwar hula irin zanna bukar tana ƙara wa fuska tsawo, gemu ma haka, har ya kan ɓoye kusurwar muƙamuƙi gaba ɗaya. Hijabi kuwa yana rufe kunne da gefen muƙamuƙi, ya zagaye fuskar, ta yadda mai kusurwa huɗu ma za ta yi kama da zagayayya. Saboda haka a ɗauki hoton, a kuma je shagon, cikin shigar da aka saba fita da ita.

Mai zagayayyar fuska ya nemi firam da faɗinsa ya fi zurfinsa, mai layin sama a miƙe da kusurwoyi bayyanannu. Idan ƙarshen firam ɗin ya ɗan ɗaga sama ta wajen gira, ya fi, domin yana ɗauke ido daga cikar kumatu. Abin gudu shi ne ƙaramin firam zagayayye irin wanda aka san Mahatma Gandhi da shi. A siririyar fuskarsa ya zauna daidai, amma a cikakkiyar fuska sai ya nutse tsakanin kumatu, fuskar ta ƙara faɗi. Wani abin lura kuma: masu wannan fuska sukan sami ƙasan firam yana taɓa kunci. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka saka, ka yi murmushi sosai. In tabarau ya ɗaga daga kan hanci, ya yi maka zurfi, kuma da zafi ya taso gumi da mai za su riƙa ɓata gilashin.

Mai fuska kusurwa huɗu shi ya fi kowa sauƙin zaɓi. Firam mai siffar ƙwai ko zagayayye, mai siririn ƙarfe, yana tausasa ƙarfin muƙamuƙi. Sai dai a nan ni ban yarda a bi ƙa'idar ido rufe ba. Ƙaƙƙarfan muƙamuƙi ba aibi ba ne da za a ce dole a ɓoye shi, kuma akwai wanda kwarjininsa a nan yake. Irin firam ɗin Malcolm X, mai kaurin sama da siririn ƙasa mai lanƙwasa, yana raba gardama: saman yana bin layin gira, ƙasan yana tausasawa. Wanda zan ce a guje masa kawai shi ne baƙin firam mai kauri, mai kusurwa huɗu sak, domin yana maimaita siffar fuskar har ta yi kamar akwati cikin akwati.

Doguwar fuska ita ce aka fi cuta, saboda siraran tabarau masu kama da na karatu sun cika shaguna. Siririn firam yana barin fili mai yawa tsakanin ido da haɓa, sai tsawon ya ƙara fitowa. Abin da ake so shi ne zurfi, wato firam da ya sauko ya cinye wani ɓangare na kunci, mai kauri a sama, da hannuwa masu faɗi ko masu ado da za su ja ido gefe. Idan hanci ma dogo ne, a nemi wanda gadar da ta haɗa gilasan biyu take ƙasa-ƙasa kuma mai duhun launi. Tana rage tsawon hancin a ido.

Duk wannan magana ta siffa ba ta da amfani idan girman bai dace ba. Ka juya hannun firam ka duba cikinsa, galibi za ka ga lambobi kamar haka: 52□18 140. Na farko faɗin gilashi guda ne, na biyu tazarar da ke tsakanin gilasan biyu inda hanci ke shiga, na uku tsawon hannun da ke zuwa kunne, duka a milimita. Faɗin firam gaba ɗaya ya yi daidai da faɗin fuska. Hannuwan su tafi kunne a miƙe. In sun buɗe waje suna danna gefen kai har suna barin shaida, firam ya yi kaɗan. In akwai filin da ya wuce shigar yatsa ɗaya, ya yi yawa. Ƙwayar ido kuma ta kasance kusa da tsakiyar gilashi, gira ta leƙo ta sama.

Wani lokaci ƙa'idar siffa da takardar likita sukan yi karo, kuma ya kamata a san wadda za a fifita. Mu ɗauki misalin wata mai zagayayyar fuska da ba ta ganin nesa, an rubuta mata -6.00 a kowane ido, tazarar ƙwayoyin idonta kuma milimita 62. Ƙa'ida ta ce ta ɗauki mai faɗi mai kusurwa, sai ta zaɓi 54□18. Idan aka haɗa 54 da 18 an sami 72, wato nisan tsakiyar gilasan biyu ke nan. Idanunta kuwa 62 ne. Bambancin goma ne, biyar a kowane ido. Dole mai yankan gilashi ya matsar da cibiyar kowane gilashi milimita biyar zuwa wajen hanci don ta yi daidai da ƙwayar ido. Shi kuwa gilashin rashin ganin nesa siriri ne a tsakiya, yana ƙara kauri yadda ake nisa da cibiya. Sakamakon shi ne gefen waje ya yi kauri ƙwarai, tabarau ya yi nauyi yana zamewa, kuma mai kallonta zai ga gefen fuskarta ya shige ciki ta cikin gilashin.

Da ta ɗauki 48□18, jimla 66 ke nan, bambanci huɗu, biyu kacal a kowane ido. Gilashin zai fi siranta da sauƙi nesa ba kusa ba. To, ina batun zagayen fuskar? Sai ta nemi ƙaramin firam na roba wanda samansa ke miƙe, kusurwoyinsa sun ɗan tausasa, kuma gefensa, inda hannu ke haɗuwa, ya ɗan fito waje. Wannan fitowar ce za ta cike faɗin fuska ba tare da an ƙara faɗin gilashi ba, kaurin robar kuma ya rufe bakin gilashin. Ta sami kusurwar da take so, ba ta ɗauki nauyi ba. Haka ma dattijon da aka rubuta wa gilashi mai haɗa ganin nesa da na karatu: yana buƙatar zurfin da ya kai milimita 28 zuwa 30, in ba haka ba wajen karatun zai matse. Ko da fuskarsa zagayayya ce, siririn firam ba nasa ba ne.

Gadar hanci ma tana iya rushe zaɓi mai kyau. Da yawa daga cikin firam ɗin roba an ƙera su ne don dogon karan hanci. Wanda karan hancinsa ke da faɗi ko yake ƙasa zai ga suna sulalewa su kwanta a kumatu. Ka sunkuyar da kai kamar mai ruku'u, ka ɗan girgiza. In ya zame, ka koma kan mai 'yan matasan hanci da ake iya matsewa ko buɗewa.

Tabaran rana yana bin ƙa'idar siffar nan, sai dai an yarda ya fi girma, domin aikinsa rufe ido ne. Samfurin matuƙa jirgin sama, wanda kamfanin Bausch & Lomb ya fitar a shekarun 1930, mai zurfi ne da lanƙwasa, don haka yana karɓar doguwar fuska da mai kusurwa huɗu, amma saukowarsa ta ƙasa tana jan cikakkun kumatu ƙasa. Mai zagayayyar fuska ya fi dacewa da mai kusurwa, mai faɗin sama. A nan dai duhun gilashi ba shi ne kariya ba. Duhu yana sa ƙwayar ido ta buɗe, idan kuma gilashin ba ya tare hasken rana mai cutarwa, sai ya ƙara shiga. A nemi mai alamar UV400, kuma tunda manna takarda abu ne mai sauƙi, a sa a gwada shi a shagon da ke da na'urar auna hakan kafin a biya kuɗi.