Wanda ya tsaya wa mai rancen gida: nauyin da sa hannu yake ɗorawa

A Kasuwar Daji da ke Ƙaramar Hukumar Ƙaura Namoda, mun saba da lamuni na baki. Dillali ya ce wa mai hatsi ya ba wane buhu ashirin, shi ya tsaya masa, a yi musafaha, kasuwa ta gaba a biya. Da wannan sabo da yawa daga cikinmu suke sa hannu a takardar rancen gida ta ɗan'uwa ko aboki, suna zaton shaida kawai suka yi cewa mutumin kirki ne. Alhali takardar rancen gida tana ɗaure mutum shekaru, kuma abin da ta ƙunsa ya fi lamunin kasuwa tsauri.

Akwai dalilin da ya sa masu ba da rance suke nacewa a kan mai tsayawa a yankinmu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shardanta amincewar gwamna kafin a jinginar da filin da ke da takardar mallaka ta jiha, gidajenmu da yawa kuwa daga Ƙaura zuwa Shinkafi da Zurmi ba su da wannan takarda, sai ta gado ko ta ciniki a gaban mai unguwa. Ko da takardar, gidan da ke garin da rashin tsaro ya kori mutanensa ba ya samun mai saye da daraja. Don haka abin da mai ba da rance yake dogara da shi a zahiri shi ne albashi ko jarin wanda ya sa hannu a ƙasa.

Malaman fiƙihu suna kiran wannan lamuni damana ko kafala, Malikawa kuma sukan ce hamala. Halas ne, kuma aikin alheri ne. Buhari ya ruwaito cewa an kawo gawar wani mai bashi, Annabi (SAW) ya ƙi yi masa salla har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a kansa. A ruwayar Jabir, Annabi (SAW) ya ci gaba da tambayarsa labarin kuɗin har ya biya. Ke nan wanda ya tsaya, biya ya hau kansa.

Sai dai mazhabar Malikiyya, wadda ita ce karatun zaurukanmu, ta yi wa mai lamuni wani sauƙi. A Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, ba a bin mai lamuni matuƙar wanda ya ci bashin yana nan kuma yana da abin biya. Sai ya tsiyace ko ya ɓace ake juyowa kansa. Sauran mazhabobi uku sun bar wa mai bin bashi zaɓi, ya kama wanda ya ga dama. A nan ne ɗalibai da yawa suke tsayawa da karatu, su manta da ragowar mas'alar: Malikawa ma sun ce idan mai bin bashi ya shardanta tun farko cewa zai bi duk wanda ya so daga cikin biyun, sharaɗin ya tabbata. Takardun bankuna da na ƙungiyoyin adashen ma'aikata galibi da wannan sharaɗi ake rubuta su, da Turancin lauyoyi, cewa mai tsayawa zai biya da zarar an nema, kuma ana binsa tare da sauran ko shi kaɗai. Wanda ya sa hannu a kan wannan ya sarayar da sauƙin da mazhabarsa ta ba shi da hannunsa.

Mu buga misali da lissafi. A ce wani malamin makaranta a Ƙaura Namoda ya nemi kayan gini daga ƙungiyar adashen ma'aikata ta hanyar murabaha. Ƙungiyar ta sayi siminti da rodi da kwano na Naira 5,000,000, ta sayar masa a kan 6,000,000, zai biya 100,000 kowane wata har wata 60. Mutum biyu suka tsaya masa: yayansa mai sayar da hatsi a Kasuwar Daji, da wani abokin aikinsa. Ya biya wata 20, wato 2,000,000, sai aiki ya kuɓuce masa, ya tafi ci-rani ba a san inda yake ba. Saura 4,000,000.

Da a ce su biyun sun tsaya tare ne ba tare da wani ƙarin sharaɗi ba, kowa rabonsa 2,000,000 ne a fiƙihun Malikiyya. Amma idan takarda ta ce kowannensu lamunin ɗan'uwansa ne, ƙungiya tana da damar ta bar abokin aikin da ba shi da komai, ta nufi ɗan kasuwa ta karɓi 4,000,000 cif. Bayan ya biya yana da haƙƙin bin abokin tsayawarsa da rabi, da bin ƙanensa da duka abin da ya rage a kansa, muddin ya riƙe rasit ko shaidu. Haƙƙi ne tabbatacce, amma a kan wanda ba a gani da wanda ba shi da shi. Gidan kuma, ko an gama shi ko yana tsaye ba rufi, na ƙanen ne, biyan bashin bai ba yayan ko ɗaki ɗaya ba.

Mutuwa ma ba ta kwance wannan ɗauri. Idan ɗan kasuwar ya rasu lamuni na wuyansa, Malikawa sun ce ana iya fitar da bashin daga dukiyar da ya bari kafin a raba gado, magada su koma su bi mai bashin idan wa'adi ya cika. Mun sha ganin iyalai sun zauna rabon gado sai ga takardar da ko uwargida ba ta san da ita ba.

Abokin cin rance kuwa matsayinsa ya fi wannan nauyi. Shi ne wanda ake haɗa albashinsa da na mai nema don kuɗin ya kai, sau da yawa mata da miji ko wa da ƙane. Shi ba ya jiran wani ya gaza, domin tun ranar farko mai cin bashi ne. Tun watan Agusta na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki da tsarin GSI, wanda ke ba banki damar cire bashin da aka gaza biya daga asusun mai rance a kowane banki ta lambar BVN, har da asusun haɗin gwiwa. Wani abin da ake yawan mantawa shi ne, sunan mutum a takardar bashi daban, sunansa a takardar gida daban. Matar da aka yanki albashinta shekara goma, takardar gida kuma sunan miji kaɗai take ɗauke da shi, ranar da aure ya mutu bashin yana nan a kanta, rabonta a gidan kuma sai ta kafa hujja a gaban alƙali. A ganinmu duk wanda zai shiga rance tare da wani, ko mijinta ne, a rubuta kason kowa a gidan da shaidu kafin a karɓi ko kwabo.

Kafin duk wannan akwai tambayar irin rancen kansa. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya ke gudanarwa, an san rancensa na asali da ruwan kashi 6 cikin ɗari a shekara. Hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya haɗa marubucin riba da shaidunta da mai ci da mai bayarwa a cikin la'ana, malamai kuma sun ce mai lamunin bashin riba ya fi shaida shiga ciki, tunda ba don shi ba da ba a ƙulla ba. Bankunan da ba sa ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun kawar da wannan damuwa, amma lamuninsu yana nan da ƙarfinsa: idan mai gida ya gaza, mai tsayawa za a kira. Kuma bai halatta mai tsayawa ya karɓi lada a kan tsayawarsa ba, ko an kira shi goro ko tukuici, domin idan ya biya ya koma ya karɓi kuɗinsa, ladan ya zama ƙari a kan bashi.