Takalmin Ruwa: Wanda Taɓo Ba Zai Ƙwace Ba

Mai noman shinkafa a Kura ko Bakolori ya san abin da ke cikin ruwan fangali: fasasshiyar kwalba, ƙaya, ragowar taki da maganin feshi, ga kuma ƙwayar tsargiya da ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata ta shiga jiki, har ta kai mutum ga fitsarin jini. Amma da yawa sun sayi takalmin ruwa sun jefar da shi a kwana, saboda da sun taka taɓo sai ƙafa ta fito, takalmin ya zauna a ƙasa. Galibi tun a kasuwa aka yi kuskuren.

Ga yadda abin yake. Idan takalmi ya nutse, taɓo yakan manne masa ta kowane gefe, iska ba ta samun hanyar shiga ƙarƙashinsa, sai ya riƙe shi gam. Abin da zai ciro shi kawai shi ne yadda ya kama idon sawu da dunduniya. To, a ce manomi yana sa lamba 42, sai ya ɗauki 44 wai don ƙafa ta sha iska. A kan tudu ba zai ga aibu ba. A fangalin da taɓo ya kai rabin ƙwauri, ga ruwa a samansa, kowane taku sai dunduniya ta zame, yana ƙanƙame takalmi da yatsu, kafin azahar ƙafa ta gaji ta yi bororo. Da 42 ya saya, ko 43 idan safarsa mai kauri ce, da bai sha wannan wuya ba.

Saboda haka a je da safar aiki, a gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. A tura ƙafa gaba: yatsa ɗaya ya kamata ya shiga bayan dunduniya, ba biyu ba. Sannan wani ya danne bayan takalmin a ƙasa, kai kuma ka yi ƙoƙarin ɗaga ƙafa. In ta fito salin-alin, ajiye musu kayansu.

Yawancin masu araha a kasuwanninmu na roba mai tauri ne da ake kira PVC, mai faɗin baki. Ba laifi ga mai lambu a fadama, ko mai bin kunya da ban ruwa, inda taɓo bai wuce idon sawu ba. Tauri da kaurinsa ma suna rage haɗarin sarar maciji, wadda galibi a ƙafa take sauka, ko da yake ba kariya ba ce ɗari bisa ɗari. Amma dashen shinkafa aiki ne dabam. Manoman Japan da Sin suna da takalmi na musamman dominsa: roba mai laushi, marar nauyi, tana lafe wa ƙafa kamar safa har zuwa gwiwa, wani da maɗauri a idon sawu. Ƙaya tana huda shi da sauƙi, kada a shiga daji da shi, amma a cikin taɓo mai zurfi a ganina babu kamarsa.

A juya tafin a duba. Haƙora manya masu tazara suna zubar da laka da kansu. Ƙanana da suka matsu kuwa laka ce ke cike su, tafin ya zama sumul, ga nauyi ga santsi. Mai ƙarfe a baki na ma'aikatan gini ne, a gona nauyin banza ne. Tsawo kuma ya tsaya ƙasa da gwiwa kaɗan, don kada ya riƙa cizon bayanta idan an durƙusa.

Kafin a biya, a lanƙwasa takalmin daidai inda yatsu ke lanƙwashewa, don nan yake fara tsagewa. In farin layi ko ƙananan tsagu sun bayyana, robar ta tsufa tun a shago. A gida kuma a cika shi da ruwa a ajiye a busasshen wuri, ɗigo zai tona asirinsa tun ana iya mayarwa.

Rana, fetur da baƙin mai suna lalata roba, mai injin ban ruwa ya kula. Bayan aiki a wanke shi, a kife a kan sanda a inuwa, domin cikin da bai bushe ba shi ke ruɓar da tsakanin yatsu. Da safe kuma a kakkaɓe shi kafin a sa, kunama na son duhunsa.