Allurar Insulin: Abin da Takardar Asibiti Ke Koya wa Mai Ciwon Sukari

Idan likita ya ɗora mai ciwon sukari a kan insulin, akan ba shi takarda mai bayanin yadda zai riƙa yi wa kansa allura a gida. Takardar takan yi magana a kan abu uku: yadda ake yin allurar, inda ake yin ta, da inda ake ajiye maganin.

Kafin komai, majinyaci yana wanke hannu da sabulu, sa'an nan ya duba kwalba da sirinji. A jikin kwalba akwai lamba, U-100 ko U-40, wadda ke nuna ƙarfin maganin. Dole lambar sirinji ta zama daidai da ta kwalba. Wanda ya zuƙi insulin U-100 da sirinjin U-40 har zuwa layi na 20, ya ɗebi awo 50 ke nan maimakon 20. Wannan na iya sa sukarinsa ya faɗi ƙwarai, ya kama gumi da makyarkyata, ko ma ya suma.

Insulin iri biyu ne a ido: wani garau kamar ruwa, wani fari-fari kamar tsinkakken nono. Shi farin ana murza kwalbarsa a hankali tsakanin tafin hannu har ya gauraye, ba a girgiza shi da ƙarfi. Bayan an zuƙa, sai a ɗaga sirinji allura na kallon sama, a ƙwanƙwasa shi da yatsa, a fitar da iska. Sa'an nan a tattaro fata da yatsu biyu, a soka allura a kitsen da ke ƙarƙashinta. Idan ta kai ga tsoka, maganin zai shiga jini da sauri fiye da kima. Ana tura maganin duka, a ƙirga zuwa goma, a zare allura. Ba a murza wurin.

Wuraren allura su ne ciki, da cinya, da ɗuwawu, da bayan dantse. Mutum yakan so wuri guda domin ya daina yi masa zafi, amma nan haɗarin yake. Wurin da aka yawaita sokawa yakan tara kitse ya yi ƙullutu, kuma insulin ba ya fita daga ƙullutu yadda ya kamata: yau sukari ya hau, gobe ya faɗi, alhali awon bai canja ba. Saboda haka ake raba ciki gida huɗu, cibiya tana tsakiya. Kowane gida yana ɗaukar mako ɗaya. Ana barin faɗin yatsa tsakanin allurar yau da ta jiya, a kuma nisanci cibiya da kamar yatsu uku. Wanda ya shafa ya ji ƙullutu sai ya bar wurin, ya gaya wa likita, domin sabuwar fata ta fi ɗaukar magani, kuma mai yiwuwa a rage masa awo.

Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firiji, digiri 2 zuwa 8, amma idan ta daskare ta lalace. Wadda aka fara amfani da ita tana iya zama a ɗaki kimanin kwana 28. A shekarar 2021 ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa da Jami'ar Jeneba sun buga sakamakon wani bincike. Sun auna zafin sansanin gudun hijira na Dagahaley a Kenya, inda yake hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, suka ga insulin bai rasa ƙarfinsa ba a irin wannan yanayi har mako huɗu.

Duk da haka, a watan Afrilu zafin Zinder ko Sakkwato yakan wuce digiri 40. Nan tukunyar ƙasa ke da amfani. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafi. Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa wannan dabara a Jigawa domin adana kayan lambu, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa kwalbar cikin leda ko gwangwani mai murfi, don kada ruwa ya taɓa bakinta ko ya goge rubutunta. Tukunyar ta fi aiki da rani. Da damina, iska na da laima, sanyinta yakan ragu.

A ɗauki misalin mai yin awo 30 a rana. Kwalbar U-100 mai mililita 10 tana da awo 1,000. A kwana 28 zai yi amfani da 840, saura 160. Ko da yake akwai saura, lokacin kwalbar ya cika, shi ya sa ake rubuta ranar buɗewa a jikinta. Haka kuma idan mai garau ya yi duhu-duhu, ko farin ya yi gudaji da ba sa narkewa, sai a bar wannan kwalba a buɗe sabuwa.